Taura Tara a Baki Guda

Akwai wata ɗabi'a da ta kama mu, mu ƴan jami'a, har muna ɗaukar ta ƙwarewa. Mutum ya aiko mana da buƙata wadda ba ta fito sarai ba, sai mu zauna mu jero masa tambayoyi tara ko goma sha biyu, kowace da lambarta, mu tura masa, mu koma mu miƙe ƙafa muna jiran amsa. Idan ya yi shiru mu ce bai san abin da yake so ba. Ni kuwa na ce laifin namu ne. Jerin nan da muke alfahari da shi ragonci ne da aka sa wa rigar ilimi, domin aikin tunanin da ya kamata mu yi shi muka tattara muka mayar wa wanda ya zo neman taimako. Abin da ya dace shi ne tambaya guda, wadda amsarta za ta raba hanya. Sauran ka amsa wa kanka, ko ka jinkirta su zuwa lokacinsu.

Zan tsaya ga aikin da na fi sani, wato fassara. Duk wanda aka ji yana karatun harsuna a Yamai ko Damagaram, to ya zama tafinta na unguwa da na ƙauye, ko ya so ko bai so ba. Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, maganar mayar da takardu zuwa Hausa ta ƙara shiga bakin mutane, kuma mu ne ake kallo. Idan ba mu iya tambaya ba, fassarar ma ba za mu iya ba.

Saƙon Inna da jerin ɗan jami'a

Ga misali. Na gina shi ne da kaina, kuɗin da ke ciki ma na misali ne, amma duk wanda ya taɓa wannan aiki zai gane fuskarsa. Shugabar wata ƙungiyar mata a wani ƙauye na jihar Maradi tana kula da rumbun tsimi. Damina ta faɗi, rumbunan gida sun yi ƙasa, za a buɗe sayar da hatsi da rahusa. Sakataren ƙungiyar ya rubuta sanarwa da Faransanci kamar yadda aka koya masa a lakkwal: ranar Litinin 12 ga watan Yuli, ƙarfe 3 na rana, a bakin mangaza, tiya 500 F, ba wanda zai wuce tiya goma, a zo da kati, kuɗi hannu. A kasuwa kuwa tiya tana sefa 750. Ranar Laraba sai Inna ta ari wayar ɗanta, aka ɗauki hoton takardar, ta haɗa da murya: "Ɗana, ga wagga takarda, ka maida muna ita Hausa don mutane su ji. Allah shi yi ma albarka."

Buƙatar ba ta fito ba, wannan gaskiya ne. "Su ji" na iya nufin su saurara da kunne, yana iya nufin su fahimta, domin a Hausa kalmar guda ce. Ga abin da ɗan jami'armu yake mayarwa, a rubuce kuma:

1. Boko ko ajami?
2. Ƙa'idar rubutun Nijar ko ta Najeriya?
3. Daidaitacciyar Hausa ko karin harshen yankinku?
4. Kuɗin a bar su da lamba ko a rubuta da kalmomi?
5. A bar kwanan wata na Nasara ko a sa na Musulunci?
6. Fassara kalma da kalma ko ta ma'ana?
7. Tsawonta ya kai layi nawa?
8. Su wane ne za su karɓi saƙon?
9. Yaushe kuke buƙatarta?

Kowace tambaya a nan tana da ma'ana a cikin aji, malami ma zai ba da maki mai kyau. Amma ku dubi inda ta sauka. Inna ba ta karanta boko, sai ta jira ɗanta ya dawo daga gona. Ya dawo da almuru a gajiye, wayar ba caji, sai gobe. Ranar Alhamis ya karanta mata. Tambaya ta biyu da ta shida ba su da wata ma'ana gare ta, kuma kunya ba za ta bar ta ta ce wa ɗan makaranta "ban gane ba". Sai ta amsa ta ƙarshe kaɗai, "da wuri dai", ta ƙara da "yadda ka gani, ɗana, kai ka sani." Kwana guda ya tafi, mai fassara yana nan inda yake tun farko. Kasuwar garin Juma'a take ci, kuma ita ce rana ɗaya tak da mutanen ƙauyukan kewaye za su taru kafin Litinin. Idan Juma'a ta wuce, sanarwar ta zama labarin bayan biki.

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Mu tara muke cusa wa tsohuwa a baki, sannan mu yi mamaki da ta tofar.

Tambayar da ta raba hanya

Yanzu a ce ɗalibin ya danna wayar ya yi magana da baki, daƙiƙa goma: "Inna, ina wuni? Na ga takarda. Abu guda nika son ku hwaɗa min: liƙa ta za a yi ga bango mutane su karanta, ko hwaɗin ta za a yi su ji da kunne?"

Wannan tambaya Inna ta san amsarta ba tare da ta nemi kowa ba, domin a cikin aikinta take, ba a cikin namu ba. Ta mayar nan take: "A'a, wa ka karatu nan? Mai shela za ya hwaɗi ta ran Juma'a cikin kasuwa."

Ku lissafa abin da amsar nan ta kashe. Boko ko ajami ya faɗi, tunda ba takarda za a karanta ba. Ƙa'idar rubutu ta faɗi, domin kunne bai san bambancin ƴ mai lanƙwasa da 'y mai ɗigon waƙafi ba. Karin harshe ya fito: mai shela da bakin garinsu zai yi magana. Tsawo ya fito: abin da mutum zai iya riƙewa a ka ya maimaita yana tafe cikin hayaniya. Masu karɓar saƙon sun fito, ƴan kasuwar Juma'a ne. Lokaci ya fito, kafin safiyar Juma'a. Kalma da kalma kuwa ba ta ma taso ba. Har amsar ta kawo abin da babu shi cikin tambayoyi taran nan: kada a aika rubutu sam, a aika murya wadda za a kunna wa mai shela ya haddace.

Saura maganar kuɗi, kuma a nan ne za ku ga cewa batun ya wuce ladabi. Kowa a ƙasar nan ya san ba da sefa muke ƙirga kuɗi da baki ba, da dala muke yi, dala ɗaya sefa biyar. Abin da takarda ta rubuta 500 F, baki "ɗari" yake ce masa, wato dala ɗari. Idan aka liƙa takarda da 500 F, mai karatu zai yi juyin da kansa, ya saba da shi a kanti da kantin magani. Idan kuwa mai shela ya ɗaga murya ya ce "tiya ɗari biyar", kunnen kasuwa dala ɗari biyar zai ji, wato sefa 2.500, jika biyu da rabi. An ninka farashin sau biyar. Hatsin da aka yi wa rahusa ya koma ya fi na kasuwa tsada fiye da sau uku, tunda na kasuwa ɗari da hamsin ne. Magidancin da ya kamata ya nemo jika biyar ya ɗauki tiya goma, zai lissafa jika ashirin da biyar, ya girgiza kai ya koma gida, yana zagin ƙungiyar. Fassarar ba ta da kuskuren nahawu ko ɗaya, amma ta hana mutane abinci.

Ku lura, tambaya ta huɗu a jerin ta taɓa maganar kuɗi, lamba ko kalmomi. Sai dai ta taɓa ta ta gefen da bai dace ba. Da Inna ta ce "da kalmomi", da ɗalibin ya rubuta "ɗari biyar" cikin natsuwa, yana ganin ya bi umarni. Yawan tambaya bai tsare shi daga ramin ba. Sanin cewa kunne ne zai karɓi saƙon shi ya tsare shi.

Haka lokaci ma. Ƙarfe 3 na rana ya dace da takarda. Ga kunne sai a ce bayan azahar, kafin la'asar. Sha biyu ga Yuli sai ta zama "ran Litinin wagga mai zuwa". Abin da aka aika wa mai shela bai wuce wannan ba: "Jama'a ku saurara! Ƙungiyar mata na sanar da ku, ran Litinin mai zuwa, bayan azahar, za a saida hatsi bakin mangaza. Tiya dala ɗari. Kowane magidanci tiya goma, jika biyar ke nan. A zo da kati, a zo da kuɗɗi, babu bashi. Tiya dala ɗari, ran Litinin bayan azahar." An faɗi farashi da rana sau biyu da gangan, domin kunne ba ya iya komawa layin sama.

Abin da ilimin harshe ya riga ya gani

Wani zai ce wannan dabarar kasuwa ce, ba ilimi ba. To mu koma aji. Masu nazarin hira suna da babi guda kan yadda mutane ke gyara zance idan ya sarƙe. Schegloff da Jefferson da Sacks sun yi rubutu a kai tun 1977. A 2015 Mark Dingemanse da abokan aikinsa suka duba hirarrakin yau da kullum da aka ɗauka cikin harsuna 12, suka tarar mai sauraro yana tsayar da mai magana don neman ƙarin haske kusan sau ɗaya a kowane minti ɗaya da rabi. Suka tarar kuma hanyoyin iri uku ne a duk harsunan. Ku saurari gidanku yau da dare, za ku ji su da Hausa. Akwai buɗaɗɗiya: "Na'am?" ko "Mi?", wadda ke sa mai magana ya maimaita komai. Akwai mai nuna inda ya sarƙe: "Wa ya zo?" Akwai mai miƙa amsa a tabbatar: "Musa na gidan liman?", wadda "i" ko "a'a" ya ishe ta. Abin da binciken ya nuna shi ne mutane sukan zaɓi mafi ƙunci daga cikin ukun da za su iya, wato mai sauraro yana ɗaukar nasa rabon wahala don ya rage wa mai magana.

Ma'ana, yaron da bai shiga lakkwal ba ya san ƙa'idar nan. Idan uwarsa ta ce "ɗauko min abin nan", ba ya ce mata ta bayyana launi da nauyi da wurin ajiya. Cewa yake "ludayi?" Ya duba abin da take yi, ya yi hasashe, ya miƙa mata ta tabbatar. Mu ne da muka yi shekara uku muna cika takardun jarrabawa muka manta. Jerin tambayoyi tara, in an tuɓe masa lambobinsa, "Mi?" ne mai tsawo: sake faɗa min komai daga farko, wannan karon da kalmomina.

Akwai abu na biyu da Harvey Sacks ya lura da shi. Idan aka yi wa mutum tambaya biyu a numfashi guda, ta ƙarshen yakan fara amsawa, domin ita ce kusa da bakinsa. Shi ya sa Inna ta amsa ta tara. A saƙon murya abin ya fi muni, tunda ba za ta iya duba lamba ta uku da ido ba, sai ta sake saurare daga farko. Mai jerin tambayoyi ya ba da zaɓin wadda za a amsa ga sa'a. Tambayar da ta fi muhimmanci, ta takwas, tana kwance a tsakiya kamar allura cikin ƙaiƙayi, kuma ko ita ba a yi ta yadda za ta amsu ba. "Su wane ne za su karɓi saƙon?" amsarta "mutane".

Yadda ake nemo ta

Ban ce a daina jera tambayoyi ba. A jera, amma a kaye naka, don kanka. Daga nan aikin yake farawa, kuma matakinsa huɗu ne.

Da farko ka soke duk wadda amsarta tana gabanka. Takardar daga jihar Maradi ta fito, to ƙa'idar rubutun da ma'aikatar ilimi ta Nijar ta tsayar a 1999 ita za ka bi idan rubutu ne, ba sai ka tambayi kowa ba. Ranar sayarwa tana rubuce, saboda haka ka san iyakar lokacinka. Tambayar mutum abin da ya riga ya miƙo maka shaida ce ba ka karanta ba.

Na biyu, ka soke duk wadda sana'arka ce ta amsa ta. Kalma da kalma ko ma'ana, wannan kai aka aiko wa saboda kai ka karanta shi. Tela ba ya tambayarka lambar allura. Idan ka tambayi Inna wannan, ka mayar mata da kayan da ta ɗora maka ne.

Na uku, cikin waɗanda suka rage, ka gwada kowace da wannan ma'auni: idan aka ce min kaza me zan yi, idan aka ce min kishiyarsa me zan yi? Idan aikin bai canza ba, tambayar ado ce. Idan kalma ɗaya ce za ta canza, ta jira. Idan kuwa aikin gaba ɗaya zai sake kama, har sauran tambayoyin su mutu ko su sake fuska, to ita ce. Ido ko kunne ta ci wannan gwaji: hanya ɗaya tana kai ka ga takarda mai 500 F, ɗayar tana kai ka ga murya mai dala ɗari.

Na huɗu, ka yi ta da kalmomin mai amsa, ka miƙa masa zaɓi biyu da zai iya gani da idon zuci. "Mece ce manufar sadarwar?" tambaya guda ce, amma banza ce. "Liƙawa ko faɗi?" kowa ya ga bango, ya ga mai shela. Kuma ka bi ta hanyar da saƙon ya zo: wanda ya aiko murya, mayar masa da murya.

Akwai ragowa, kuma ba zan ɓoye ta ba. A takardar Inna akwai kalmar nan menaj, wadda muke fassarawa gida ko iyali. A gidan gandu mai ƴaƴa uku masu aure, tiya goma ta gidan duka ce ko ta kowane magidanci? Ido ko kunne bai warware wannan ba, kuma yana iya haddasa faɗa a bakin mangaza. Abin yi shi ne ka zaɓi wanda ya fi kama da gaskiya, ka yi aikin, sannan ka nuna wurin da yatsa lokacin miƙawa: "Inna, ga shi. Na ce kowane magidanci tiya goma. In kowane gida kuka nuhi, ku hwaɗa min yanzu in sake, kalma guda ce." Tana jin shelar da kunnenta za ta san ko daidai ne, domin gyara abin da aka ji ya fi sauƙi nesa da amsa tambaya a kan abin da ba a yi ba tukuna. Wanda bai iya kwatanta rigar da yake so ba, yana sa ta zai ce hannun ya yi tsawo.

Masu cewa a'a

Na san hujjojin abokaina, mun sha yin gardamar a bakin mai shayi. Ta farko: gara a tambayi komai sau ɗaya da a yi ta kai da komo, ga tsadar kiredi ga rashin rezo. Hujjar tana tsaye ne a kan zaton za a amsa duka taran. Ba a amsawa. A lissafin da muka yi, jerin ya ci kwana guda bai kawo komai ba, dole a sake tambaya. Tambaya guda ta ci mintoci. Kuma rabin jerin tambayoyi ne na hanyar da ba za a bi ba: ka sa tsohuwa ta yi tunanin boko da ajami a kan takardar da ba za a taɓa liƙawa ba.

Ta biyu ita ce ta gaskiya, wadda ba a cika faɗi ba: jerin kariya ne. Idan aiki ya ɓaci, sai in fito da waya in ce ga shi na tambaye ku, ku kuka ce yadda na gani. Wannan na fahimce shi, amma a kira shi da sunansa. Wanke kai ne tun kafin a yi laifi. Mai yin haka ya damu da wanda za a zarga fiye da ko hatsin zai isa gidaje. Kuma akwai wani abu a ƙarƙashinsa da ya kamata mu ji kunyarsa. Tambayar da aka yi da kalmomin aji ga wanda bai shiga aji ba tana tuna masa matsayinsa. Da yawa daga iyayenmu idan suka ce "kai ka sani", ba amincewa suke nunawa ba, janyewa suke yi. Gobe ba za su sake aiko maka ba, za su kai wa wanda ba ya tambaya sam, shi kuwa zai rubuta musu "ɗari biyar".

Ta uku: ai likita ma tambayoyi da yawa yake yi. Haka ne, amma ku saurare shi. Ɗaya bayan ɗaya yake yi, kuma amsar ta farko ita ke zaɓar ta biyu. Idan ka ce ciki ne, ba zai bi ka da tambayoyin ido ba. Ni ma ban ce tambaya guda har abada ba. Da Inna ta ce liƙawa za a yi, da tambaya ta biyu ta haihu nan take, boko ko ajami, kuma a lokacin tana da ma'ana, domin a ƙauyuka da dama masu karanta ajami ba kaɗan ba ne. Guda a kowane zuwa, kowace a lokacinta.

Ta huɗu kuwa na ba ta gaskiyarta. Akwai inda jeri ya dace. Idan bayanan ba su rataya da juna ba kuma kowanne dole ne, kamar suna da ranar haihuwa da sunan uwa don dosiye, to a jera su, ba amfanin ɗiban su ɗaya ɗaya. Idan mutumin zai shiga daji inda ba rezo har mako guda, ka tambayi abin da za ka iya kafin ya tafi, mafi nauyi a gaba, kuma ka faɗa masa ita ce mafi nauyi. Idan takardar magani ce ko yarjejeniyar gona, ba a hasashe a kan adadi, kowane adadi sai an tabbatar. Amma ku duba da kyau: a duk waɗannan, buƙatar a fili take, bayanai ne suka rage. Maganata a kan buƙatar da ba ta fito ba ce, inda ba ka ma san wane aiki ake so ba. A nan jeri ba ya aiki, domin ba ka san wace hanya kake jera wa tambayoyi ba.

Tambaya guda ma tana iya zama marar kyau, kuma ana ganewa. Idan ka ba da zaɓi biyu aka ce maka "i", ba a gane ta ba, sake ta da wasu kalmomi. Idan aka ce "yadda ka gani", ka tambayi abin da yake naka ne ka yanke. Idan an amsa amma ka tarar hannunka bai san inda zai fara ba, ka ɗauko reshe ka bar gindi, koma ga kayenka. Idan kuwa aka amsa da sauri har aka ƙara maka abin da ba ka tambaya ba, kamar mai shela da ranar Juma'a, to ka taɓa inda mutumin yake tunani.

Ana cewa matambayi ba ya ɓata, kuma muna son karin maganar nan don tana ba mu lasisi. Amma ku tuna yadda matafiyi ke tambaya. Yana isa mararraba ya ce, "Wace ce hanyar Tasawa, wagga ko waccan?" Ba ya tsayar da manomi a kan kuyyarsa ya nemi nisan kowace hanya da yawan rijiyoyinta da sunan hakiminta. Wanda ya yi haka, manomi zai nuna masa ko'ina don ya rabu da shi, kuma shi ne zai ɓata.

Don haka ina ƙalubalantar ƴan ƙungiyarmu da duk mai karanta wannan ɗan littafi. Saƙo na gaba da zai zo muku a dunƙule, daga kawu ne ko daga shugaban wata ƙungiya, ku rubuta tambayoyinku duka, ku soke, ku soke, har ta rage wadda idan ba a amsa ta ba hannu ba zai motsa ba. Ita kaɗai za ku aika. Wanda kuma yake ganin tara ta fi ɗaya, shafukan fitowa ta gaba a buɗe suke, ya kawo misalinsa da lissafinsa, mu gani ko tsohuwar tasa ta amsa duka taran.